Layukan da matuƙin jirgi ke karantawa kafin ya nufi Kano

A watan Janairu, fasinjan da ke zaune a filin jirgin sama na Legas yana jiran jirgin Kano yakan ji sanarwa cewa an ɗage tashi saboda yanayi. Sai ya leƙa ta taga ya ga gari garau, babu hadari, babu ko yayyafi. Nan take ransa ya ɓaci, ya ɗauka wata dabara ce ta kamfani. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma sau da yawa a irin wannan wata, dalilin yana rubuce a takardar da ke hannun matuƙin, cikin layuka biyar ko shida na haruffa da lambobi, kuma ba sararin Legas suke magana a kai ba. Suna faɗin yadda Kano za ta kasance ne a daidai sa'ar da jirgin zai isa.

Rahotanni biyu ne ke kan wannan takarda. Na farko sunansa METAR, shi ne abin da ma'aikacin yanayi da na'urorinsa suka auna a filin jirgin, ana fitar da shi duk awa ko duk rabin awa. Na biyu TAF, wato hasashen abin da ake sa ran zai faru a filin da kewayensa na kusa, a manyan filaye yakan ɗauki awa 24 zuwa 30. A Najeriya hukumar NiMet ce ke fitar da su, bisa tsarin da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, da takwararta ta yanayi suka shimfiɗa. Saboda tsarin ɗaya ne, matuƙin da ya taso daga Jidda ko Alƙahira yana karanta rahoton Kano ba tare da tafinta ba.

Ga misalin da aka tsara don wannan bayani, irin wanda akan gani a Kano da sanyin safiyar hunturu:

```
METAR DNKN 140600Z 06008KT 3000 DU NSC 14/02 Q1018 NOSIG
```

DNKN shi ne filin jirgin Malam Aminu Kano. Kowane fili yana da haruffa huɗu nasa: Abuja DNAA, Legas DNMM, Yamai DRRN. Sai 140600Z, ranar 14 ga wata da ƙarfe 6:00. Harafin Z na ƙarshe yana nufin agogon GMT, wanda masu sauraren rediyo suka saba ji. Ƙarfe shida a nan ƙarfe bakwai ne agogon Najeriya da Nijar, kuma wannan awa ɗaya za ta dawo da muhimmanci nan gaba.

06008KT labarin iska ne. Lambobi ukun farko suna faɗin inda take fitowa a kan kamfas, digiri 60, wato arewa maso gabas, hanyar da iskar hunturu ke bi. Biyun da ke biye ƙarfinta ne, 8, a ma'aunin da matuƙa ke kira not, wanda kowane ɗaya ya kusa kilomita biyu cikin awa. Ba ƙarfin daƙiƙa ɗaya ba ne, matsakaicin minti goma ne. Babban titin jirgi na Kano ana kiran bakinsa ɗaya 06, ɗayan 24, domin yana kallon digiri 60 ta nan, 240 ta can. Don haka jirgin da zai sauka a 06 yana fuskantar wannan iska kai-tsaye, abin da kowane matuƙi ke so, domin iskar gaba tana rage tsawon titin da zai ci kafin ya tsaya.

Lamba ta gaba ita ce zuciyar rahoton a wannan lokaci na shekara. 3000 nisan da ido ke iya gani ne, mita dubu uku. DU kuma ya faɗi abin da ya tare ganin: ƙura. Wasu rahotannin sukan sa HZ, hazo. Mafi yawan wannan ƙura daga ƙasar Chadi take tasowa, daga kwarin Bodele da ke arewa maso gabas da Tafkin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi. Iska tana kwasarta can, ta ratso Nijar, cikin kwana ɗaya ko biyu ta lulluɓe Maiduguri, Kano da Katsina. Da a ce gani ya kai kilomita goma ko fiye, da 9999 za a rubuta.

NSC na cewa babu gajimaren da zai dami jirgi. Nan ne fasinja ke ruɗewa, domin a ganinsa rashin gajimare shi ne kyawun yanayi. Amma matuƙi ba sama yake son gani ba, titi yake son gani. Idan yana tsaye cak a saman fili yana kallon ƙasa, yakan hangi titin sarai, tunda ƙurar da ke tsakaninsu ba ta da kauri sosai ta wannan fuska. Da zarar ya sauko ya miƙe yana kallon gaba a karkace, sai idonsa ya zama yana ratsa kilomitocin ƙura, titin ya ɓace. Idan rana na gabansa abin ya fi muni.

14/02 zafi ne da ma'aunin raɓa: digiri 14, kuma sai iska ta yi sanyi zuwa digiri 2 kafin laimar da ke cikinta ta fara zama ruwa. Tazara mai faɗi haka tana nuna busasshiyar iska. Da a ce lambobin sun matso juna, kamar 23/23 da asuba a Fatakwal, da matuƙi ya fara tunanin hazon ruwa.

Q1018 nauyin iska ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Agogon da ke nuna wa matuƙi tsayinsa daga ƙasa ba tsayi yake aunawa ba, nauyin iska yake ji ya mayar da shi ƙafafu. Dole a murɗa masa lambar filin da za a sauka. Kowace lamba ɗaya ta kusa ƙafa 30. Wanda ya ji 1008 amma ya saka 1018, agogonsa zai nuna masa ya fi inda yake tsayi da kusan ƙafa 300. A rana tsaka mai haske ido zai gyara kuskuren. A cikin ƙura, lokacin da jirgi ke ƙafa ɗari biyu ko uku daga ƙasa yana neman fitilun titi, ba abin da zai gyara shi. Shi ya sa idan hasumiya ta faɗi wannan lamba, matuƙi yake maimaita ta da bakinsa, abokin tuƙinsa kuma ya duba nasa agogon.

Kalmar ƙarshe, NOSIG, tana cewa ba a sa ran wani babban canji. Amma alƙawarin na awa biyu ne kacal. Rahoton ƙarfe bakwai na safe ya lamunce har ƙarfe tara, daga nan ya zare hannunsa.

To, a ce jirginmu zai bar Legas ƙarfe 10:30, ya yi kamar awa ɗaya da rabi a sama, ya isa Kano ƙarfe 12:00 na rana. Rahoton da ke sama yana da kyau, mita dubu uku sun isa sauka ba tare da wahala ba. Sai dai lokacin da jirgin zai iso, rahoton ya shekara, a lissafin masu wannan aiki. Wanda ya shirya tafiya da shi kaɗai ya yi shiri ne don Kanon da ta wuce. Dole a buɗe hasashe:

```
TAF DNKN 140500Z 1406/1512 06010KT 3000 DU NSC
BECMG 1408/1410 07016KT 1500
TEMPO 1410/1414 07018G28KT 0600 DU
BECMG 1417/1419 05006KT 2500
```

An fitar da shi ƙarfe 5:00 agogon GMT, kuma 1406/1512 na nufin yana aiki daga ƙarfe 6 na ranar 14 zuwa ƙarfe 12 na ranar 15, awa talatin. Layin farko ya yi daidai da abin da aka auna da safe, kuma wannan kansa labari ne mai amfani: hasashen ya fara da ƙafar dama. Gogaggen matuƙi ba ya karanta ɗaya ya bar ɗaya. Yakan jera rahotannin awa uku ko huɗu da suka wuce ya ga inda lambar ta dosa. Idan hasashe ya ce 3000 amma abin da ake aunawa ya riga ya faɗo 2000, sannan 1200, to ƙurar ta riga masu hasashe isowa, kuma sauran layukan ma abin tuhuma ne. A irin haka ofishin yanayi yakan fitar da gyararren hasashe mai alamar AMD, yakan kuma fitar da rahoton gaggawa mai suna SPECI ba tare da jiran cikar awa ba.

Layi na biyu ya fara da BECMG. Wannan canji ne mai zuwa ya zauna. Tsakanin ƙarfe 8 da 10 agogon GMT iska za ta ƙaru zuwa not 16, gani ya ragu zuwa mita 1,500, kuma haka zai ci gaba har sai wani layi ya sake shi. Hasashen bai ce a wane minti canjin zai auku ba. Ƙa'idar masu shirya tafiya a nan mai sauƙi ce, kuma akwai hankali a cikinta: idan canjin na lalacewa ne, a ɗauka ya faru tun farkon lokacin, idan na gyaruwa ne, kada a yarda da shi sai ƙarshen lokacin. Abin da layin bai ambata ba, kamar gajimare, yana nan yadda yake a layin farko.

Layi na uku shi ne wanda ke hana jirgi tashi daga Legas. TEMPO na nufin yanayin da zai riƙa zuwa yana tafiya, kowane zuwa bai kai awa ɗaya ba, kuma idan an haɗa su duka ba su kai rabin lokacin da aka ambata ba. A nan lokacin awa huɗu ne, daga 10 zuwa 14 agogon GMT. A cikinsu za a riƙa samun iska mai not 18 wadda ke fizga har 28, harafin G ke nan, gani kuma ya faɗo mita 600. Tsakanin wannan zuwa da wancan, gani zai koma 1,500.

Mai son tafiya zai ce ai fiye da rabin lokacin fili a buɗe yake. Gaskiya ne. Amma babu wanda ya san wane rabi jirgin zai tarar. Ƙarfe 12 na Kano ƙarfe 11 ne na GMT, tsakiyar wannan layi. Kuma ba minti ɗaya ake dubawa ba. Tsarin da kamfanoni da yawa ke bi shi ne a duba daga awa ɗaya kafin lokacin isowa zuwa awa ɗaya bayansa, saboda jirgi yakan makara ko ya yi sauri. Daga 10 zuwa 12 ke nan, duka a cikin TEMPO.

Ga kuma inda awar nan ɗaya ke cin mutum. Wanda ya ga 1414 ya ɗauka ƙarfe biyu na rana ne a Kano, zai ce a jinkirta a isa biyu da rabi, an huta. Alhali ƙarfe 14 na GMT ƙarfe uku ne na yamma. Da ya isa biyu da rabi, da sauran rabin awa a cikin ƙurar da yake gudu.

Yanzu sai a kwatanta 600 ɗin da wata lamba da ba ta cikin rahoton yanayi. Kowace hanyar sauka a kowane titi tana da mafi ƙarancin ganin da doka ta yarda a sauka da shi, a rubuce a taswirar da matuƙi ke ɗauke da ita. Lambar ta danganta da na'urorin da ke ƙasa, da fitilun titi, da irin jirgin, da horon matuƙan. Inda na'urar ILS ke aiki, wadda ke jan jirgi da siginar rediyo har kusa da bakin titi, matakinta na farko yakan ba da damar saukowa zuwa ƙafa 200 da ganin titi na mita 550 idan fitilu sun cika. Idan na'urar ta lalace ko wasu fitilun sun mutu, lambar takan haura nesa da haka. Wannan ne ya sa jirage biyu kan nufi fili ɗaya cikin ƙura ɗaya, ɗaya ya sauka ɗaya ya juya, fasinjoji su yi ta mamaki. A misalinmu, a ce lambar wannan jirgi a wannan rana mita 800 ce. To 1,500 ta wuce, 600 ta gaza.

Matuƙi da jami'in shirya tafiya na kamfani suna da zaɓi biyu. Ko dai a jira a isa bayan ƙarfe huɗu na yamma, yadda awar kariya ma za ta fita daga layin TEMPO, ko kuma a tafi da shirin cewa mai yiwuwa ba za a sauka Kano ba. Zaɓi na biyu lissafin mai ne. Akwai man tafiya zuwa Kano, da ƙarin kashi biyar cikin ɗari saboda abin da ba a zata ba, da man zuwa wani filin idan Kano ta ƙi, da na minti talatin na ƙarshe wanda ba a shirya taɓa shi sam. A kan waɗannan matuƙi yakan ƙara na shawagi, minti ashirin ko talatin, ko ƙurar za ta ɗan yaye. Idan hasashe ya nuna filin da aka nufa zai kasance ƙasa da lambar sauka, ƙa'ida takan nemi filayen madadi biyu maimakon ɗaya. Kowane kilo na mai kuma nauyi ne, wani lokaci sai an rage kaya kafin ya shiga.

Zaɓen filin madadi shi ne wurin da ake gane wanda ya san ƙasar. A taswira Kaduna da Katsina sun fi kusa. Amma ƙurar hunturu ba ta gari ɗaya ba ce, mayafi ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita, kuma tana tafiya kudu. Abin da ya rufe Kano da hantsi yana iya rufe Kaduna da azahar, ya kai Abuja da dare. Saboda haka sai an karanta TAF na kowane fili a kan sa'ar da za a isa shi, ba sa'ar da za a isa Kano ba, kuma lambar da ake nema daga filin madadi ta fi ta sauka tsanani. Akwai ranakun da madadin gaskiya shi ne komawa Legas, da man da zai kai can.

Idan an tafi, karatun bai ƙare ba. A hanya matuƙi yana karɓar sabon rahoto, kuma da zarar gani ya faɗi ƙasa da mita 1,500 akan ƙara wani rukuni, misali R06/0900. Wannan nisan da ake iya ganin fitilu da alamun titin 06 ne, mita 900, kuma yakan fi ganin gari nisa saboda ƙarfin fitilun. Inda ake auna shi, shi ne ke yanke hukunci a minti na ƙarshe.

Da damina haruffan sukan canja, karatun ma ya canja. Gajimare yana bayyana da kalmomi huɗu, gwargwadon kason sama da ya rufe idan an raba ta takwas: FEW ɗaya zuwa biyu, SCT uku zuwa huɗu, BKN biyar zuwa bakwai, OVC duka. Lambobin da ke biye tsayinsa ne daga filin, a ɗaruruwan ƙafafu, don haka BKN008 ƙafa 800 ne. Amma haruffan da ke sa matuƙi gyara zama su ne CB, gajimaren hadari mai tsawa. Hasashen yammacin wata rana a watan Yuni yana iya ɗauke da layi irin wannan:

```
PROB30 TEMPO 2016/2020 12025G40KT 2000 TSRA FEW030CB
```

PROB30 yiwuwa ce ta kashi talatin cikin ɗari. Lambobi biyu kawai ake amfani da su, 30 da 40. Abin da bai kai talatin ba ba a rubuta shi, wanda ya kai hamsin kuma ya wuce zato, sai a ba shi layinsa. TSRA tsawa da ruwa ne. Kalmar FEW a gaban CB ba sassauci ba ce: gajimaren hadari guda ɗaya ya isa, in dai a bakin titi ya tsaya. Ga kuma iskar. Daga digiri 120 take, titin yana kallon 60, tazarar digiri 60 ke nan, kuma a irin wannan kwana kusan kashi tara cikin goma na ƙarfinta ta gefe yake bugun jirgi. Fizgar not 40 ta zama kusan 35 ta gefe, abin da ya kai iyakar da jiragen fasinja da yawa ke iya ɗauka, balle a kan jiƙaƙƙen titi.

Ƙasar nan ta san tsadar wannan layi. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Binciken hukuma ya nuna an tashi ne cikin yanayin da aka san ya lalace, jirgin ya shiga iskar da ke juyawa farat ɗaya a gindin hadari, kuma ba a bi matakan fita daga cikinta yadda ya kamata ba. Irin wannan iska ba ta daɗewa, wani lokaci minti goma ko sha biyar. Rahoton awa-awa yana iya tsallake ta gaba ɗaya. Abin da yake iya yi shi ne ya nuna cewa kayan haɗinta sun hallara, da TS da CB da G, sauran kuma sai na'urar hango hadari da ke hancin jirgi, da gargaɗin hasumiya, da haƙurin matuƙi.

Bambancin hadari da ƙura a wajen shiri shi ne daɗewa. Hadarin damina yakan wuce fili cikin rabin awa ko awa, don haka man shawagi yakan wadatar, jirgi ya tsaya nesa ya jira. Ƙura tana iya kwana uku ba ta motsa ba, kuma layin TEMPO da aka ba awa huɗu yana iya komawa yanayin yini guda a gyararren hasashe na gaba. Shi ya sa tsarin kamfanoni da yawa ke ɗaukar TEMPO na ƙura ko hazo tamkar tabbas, alhali yana iya sassautawa ga na ruwa mai wucewa.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. TAF na filin jirgi ne da kewayensa na kusan kilomita takwas. Bai san abin da ke tsakanin Ilori da Minna ba, wannan aikin wasu taswirori ne da gargaɗi na daban. Kuma gwargwadon nisan sa'ar da ake dubawa daga lokacin da aka fitar da shi, gwargwadon raunin maganarsa. Layin ƙarshe na misalinmu, wanda ya ce gani zai koma mita 2,500 tsakanin ƙarfe shida da takwas na dare agogon Kano, an rubuta shi ne tun da asuba. Jami'in da ya ɗage jirgin Legas zuwa yamma ba zai dogara da shi ba. Zai jira sabon hasashen da ke fitowa bayan awa shida, ya jera rahotannin Maiduguri da Zinder ya ga ko ƙurar da ke sama da Kano ta fara sauƙi, sannan ya sa a kira fasinjoji.